Martani: Asusun Kai Ba Ya Kawar Da Haɗarin Fansho, Wuyan Ma'aikaci Yake Rataya Wa

Na karanta sharhin da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a kan halin da 'yan fansho ke ciki a Jihar Kano, inda ya kawo kukan tsofaffin malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo waɗanda suka shafe shekaru suna jiran garatuti. Daga nan ya yanke hukunci cewa maganin abin shi ne Kano ta watsar da tsarinta gaba ɗaya, ta koma irin na Gwamnatin Tarayya, inda kowane ma'aikaci yake da asusunsa na kansa a hannun kamfanin fansho. A cewarsa, da zarar kuɗi sun shiga asusu mai ɗauke da sunan mutum, fargaba ta ƙare, domin babu gwamnan da zai iya taɓa su.

Malam, kukan da ka kawo gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar rage masa nauyi. Amma maganin da ka rubuta ya tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci a harkar fansho: idan kuɗin da aka juya ba su kawo ribar da ake tsammani ba, wa zai cike gurbin? Amsar wannan tambaya ita ce ta raba tsarin biyu, kuma ita ce ba ka gaya wa masu karatunka ba.

Tsari na farko alkawari ne. Gwamnati tana cewa ma'aikaci: idan ka yi shekara kaza kana aiki, za ka karɓi kaso kaza na albashinka na ƙarshe kowane wata har ƙarshen ranka, da garatuti dunƙule a lokacin ritaya. A jadawalin da aka gada daga tsohon tsarin aikin gwamnati, wanda ya cika shekara 35 yana da fansho na kashi 80 cikin 100 na albashinsa, da garatuti na albashin shekara uku. Abin da za a ba shi a ƙayyade yake tun kafin ya ajiye aiki. Tsari na biyu kuwa abin da za a zuba ne kawai a ƙayyade. A ƙarƙashin dokar fansho ta tarayya ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba kashi 10. Abin da zai fita a ƙarshe babu wanda ya yi alkawarinsa. Ya danganta da ribar da kamfanin ya samo da kuma yadda farashin kaya ya kasance cikin waɗannan shekaru.

Duk manomin Getso ko Garo ya san wannan bambanci ba tare da an karanta masa doka ba. Ɗan ƙwadagon da aka yi ciniki da shi a kan kuɗin noma yana karɓar abin da aka shirya, ko damina ta yi kyau ko ta yi gardama, domin asarar mai gona ce. Wanda aka yanka wa fegi aka ce abin da ya fito nasa ne, shi ne zai kwana yana duban sama. Tsarin alkawari ya bar gwamnati a matsayin mai gona. Tsarin asusun kai ya miƙa wa ma'aikaci fegin.

A nan ne kuskurenka na farko yake, Malam. Ka rubuta kamar a Kano ba a cire wa ma'aikaci komai, gwamnati ce kawai take biya daga kasafinta idan ta ga dama. Ba haka ba ne. Tun dokar fansho da garatuti ta 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Kano take bin tsarin karo-karo: ana cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, gwamnati ko ƙaramar hukuma ta ɗora kashi 17, jimla kashi 25, a zuba a tukunya ɗaya a hannun Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta jiha. Abin da ya bambanta shi da na tarayya shi ne hakkin mai ritaya a ƙayyade yake da jadawali, ba da abin da ya taru da sunansa ba. Ke nan malamar firamare a Kabo tana biyan kashi 8 daidai da ɗan sandan da ke ofishin Gwarzo. Bambancinsu shi ne ita tana bin gwamnati bashin adadi sananne, shi kuma yana da abin da asusunsa ya nuna kawai.

Mu yi lissafi a fili domin a ga nauyin wannan bambanci. Alƙaluman misali ne na zaɓa don sauƙi. A ce ma'aikaci yana karɓar albashin da darajarsa ta yi daidai da Naira 100,000 ta yau a kowane wata, tsawon shekara 35. A tsarin tarayya, kashi 18 na wannan shi ne Naira 18,000 a wata, wato Naira 216,000 a shekara. Idan ribar da kamfanin fansho yake samowa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hauhawar farashi, ba ta fi ba, ba ta gaza ba, zai tarar da abin da darajarsa ta kai Naira miliyan 7.56. Idan ya raba wannan a kan shekara 20 na ritaya, zai riƙa samun Naira 31,500 a wata, kuma bai ɗauki komai dunƙule ba.

Yanzu a bar komai yadda yake, a canja riba kawai. Idan ribar ta riƙa wuce hauhawar farashi da kashi 3 a kowace shekara, asusun zai kai wajen Naira miliyan 13, abin da zai ba shi kimanin Naira 54,000 a wata. Idan kuma ta riƙa gazawa da kashi 3, asusun zai tsaya a wajen Naira miliyan 4.7, ya koma karɓar abin da bai kai Naira 20,000 ba. Mutum ɗaya ne, aiki ɗaya, shekaru ɗaya, ba a sace masa ko kwabo ba. Amma tsufansa na iya zama na dubu 54 ko na ƙasa da dubu 20, kuma abin da zai yanke hukuncin ba ya hannunsa. Takwaransa na tsarin alkawari, a kan wannan albashi, jadawali ya ba shi Naira 80,000 a wata da garatuti na Naira miliyan 3.6, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi.

Kada a ɗauka gazawar riba labarin takarda ne. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Fiye da rabin dukiyar fansho ta ƙasa, wadda ta haura Naira tiriliyan 22 a ƙarshen wannan shekarar, tana cikin takardun bashin Gwamnatin Tarayya ne, masu ƙayyadadden ruwa a Naira. A ce mutum yana da miliyan 10 a farkon irin wannan shekara, kamfani ya samo masa ribar kashi 17. Saƙon da zai shigo wayarsa zai nuna miliyan 11.7, ya yi murna. Amma a kasuwar Gwarzo wannan kuɗi ba zai sayi abin da ya wuce na miliyan 8.7 na bara ba. Wannan ita ce asarar da ba a ganinta a takardar asusu, kuma hanyar gane ta ɗaya ce: a ɗora ribar da kamfani ya bayyana kusa da hauhawar farashin wannan shekarar, a ga wanne ya fi. Duk shekarar da farashi ya wuce riba, mai asusu ya yi asara, kuma babu ofishin da zai je ya shigar da ƙara, domin babu wanda ya karya masa alkawari.

Ita kanta hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ba ta ɓoye wannan ba. Tun 2018 ta raba asusun gida-gida bisa shekarun mai shi: matashi ana iya saka kaso mai yawa na kuɗinsa a hannun jari mai hawa da sauka, wanda ya kai shekara 50 a mayar da shi inda aka rage wannan kaso, mai ritaya kuma a ƙara ragewa. Ba za a yi wannan tsari ba in da kamfani ne ke ɗaukar asara. An yi shi ne domin mai asusu ne yake ɗauka, ana ƙoƙarin kada guguwar kasuwa ta same shi a bakin ƙofar ritaya. Kamfanin kuwa ladansa yana fita daga jimlar dukiyar da yake juyawa, ko ribar ta cim ma farashi ko ba ta cim masa ba.

Akwai haɗari na biyu da sharhinka bai ambata ba, wato tsawon rai. A lissafin da na yi a sama na raba kuɗin a kan shekara 20. To idan Allah ya ja kwanan mutum ya yi 28 fa? A tsarin alkawari tukunya ɗaya ce, abin da bai tafi ga wanda ya rasu da wuri ba shi ke riƙe wanda ya daɗe, kuma fansho ba ya yankewa sai da mutuwa. A asusun kai, mai ritaya yana da zaɓi biyu. Ko ya bar kuɗin a kamfanin fansho ana yanka masa wata-wata, abin da ya rage ya zama na magada, amma asusun na iya ƙarewa yana raye. Ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har mutuwa, amma adadin da aka yanka masa yakan tsaya cik yayin da farashi ke gudu, kuma bayan shekara 10 na lamuni magada ba su da komai. Dokar 2014 ta yi tanadin mafi ƙarancin fansho da wani asusun kariya da zai ɗauki nauyinsa, amma an shafe shekara goma wannan tanadi yana kwance a takarda. Tsofaffin 'yan sanda da suka fito zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025 suna neman a fitar da su daga wannan tsari ba jahiltarsa suka yi ba. A cikinsa suka yi ritaya. Sojoji da jami'an leƙen asiri kuwa tun 2011 aka cire su. Ya kamata mai neman a shigar da malaman Kabo ya fara bayyana mana dalilin da ya sa waɗanda suka ɗanɗana suke neman ƙofar fita.

Na san abin da za ka ce, kuma hujja ce mai ƙarfi: alkawarin da ba a cika ba, me ya fi asusun da aka gani da ido? Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti da hakkin mamata da ya haura Naira biliyan 48, ta kuma fara biya da biliyan 6 a ƙarshen 2023. Wanda ya yi ritaya ya jira shekara biyar ko shida kafin a ba shi garatutinsa, ya karɓi adadin da aka rubuta amma darajarsa ta zube. Haka nan fanshon da ba a sake dubawa ba yana narkewa: a Kano an daɗe mafi ƙarancin fansho yana Naira 5,000 kafin a ɗaga shi zuwa 20,000, alhali sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Don haka tsarin alkawari ma yana da nasa haɗarin a kan ma'aikaci. Amma a kira shi da sunansa: haɗarin mai alkawari ya ƙi cikawa ne, ba haɗarin kasuwa ba.

Wannan bambanci yana da amfani domin shi ke nuna inda cutar take. Abu biyu ne suka raunana asusun Kano. Na farko, ma'aikatu da hukumomi da yawa sun riƙa jinkirta zuba kasonsu, wani lokaci har da abin da aka riga aka cire daga albashin ma'aikaci. Na biyu, hannun gwamnati ya yi kusa da tukunyar. A wa'adin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, kuɗin asusun sun shiga gidajen rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, lamarin da ya kai ga ƙorafi a gaban EFCC da shari'a. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne a nan. Darasin da ya shafi maganarmu shi ne asusun da ke biyan fansho kowane wata yana bukatar dukiyar da za a iya mayarwa kuɗi da sauri, kuma gida ba ya cikin wannan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka biyu da ya samo asali daga ƙayyade hakkin mai ritaya.

Asusun kai yana maganin cuta ta biyu, wannan na yarda. Doka ta raba kamfanin da ke juya kuɗi da bankin da ke ajiye su, kuma abin da ya riga ya shiga asusu yana da wuyar taɓawa. Amma ba ya maganin ta farko. Ƙaramar hukumar da ba ta zuba kashi 17 a tukunyar jiha ba, me zai sa ta zuba kashi 10 a asusun mutum? Dokar tarayya ta ce a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 a kowane wata ba, amma ita kanta Gwamnatin Tarayya ta tara bashin hakkokin ma'aikatan da suka fara aiki kafin 2004, har masu ritaya suka riƙa jiran fiye da shekara ba su taɓa asusunsu ba. Sai a 2025 aka amince da takardun bashi na Naira biliyan 758 domin share irin waɗannan basussuka. Kuma a lura: idan ba a zuba wa mai tsarin alkawari ba, hakkinsa bai ragu ba, bashi ne a wuyan gwamnati. Idan ba a zuba wa mai asusun kai a kan lokaci ba, ya rasa kuɗin na wannan lokaci, ya kuma rasa ribar da za su haifa.

Sannan akwai kuɗin ƙaura, wanda sharhinka ya wuce shi kamar babu. A yau kashi 25 na ma'aikatan da ke bakin aiki shi ke taimakawa wajen biyan waɗanda suka yi ritaya. Ranar da aka karkatar da wannan kuɗi zuwa asusun ɗaiɗaiku, dole jiha ta nemo wani kuɗin ta ci gaba da biyan tsofaffin 'yan fansho, ta biya ragowar garatuti, ta kuma lissafa hakkin shekarun da kowane ma'aikaci ya riga ya yi ta tanadar masa. Nauyi uku a lokaci guda, a kan gwamnatin da ake kuka ta kasa ɗaukar ɗaya. Tsohon da ke jiran garatuti a Kutama ko Durun shi ne zai fara jin wannan a jikinsa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana bin tsarin karo-karo mai ƙayyadadden hakki tun farkon shekarun 2000, kuma an daɗe ana kafa misali da ita wajen biyan hakkin masu ritaya ba tare da irin wannan dogon layi ba. Ginin iri ɗaya ne da namu; abin da ya bambanta shi ne riƙo. A ɗaya ɓangaren, ƙasar Chile, wadda ta ƙirƙiro tsarin asusun kai a 1981 kuma Najeriya ta kwaikwaye ta a 2004, sai da ta ƙara fanshon tallafi daga baitulmali a 2008 saboda abin da asusun ke bayarwa ya yi kaɗan, kuma a 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka cika tituna suna adawa da kamfanonin fansho.

Gaskiyar da masu kare tsarin Kano su ma ba sa son ji ita ce alkawarin yana da tsada. A misalinmu, kashi 25 na shekara 35 yana tara Naira miliyan 10.5 idan riba ta tsaya daidai da farashi. Fansho na Naira 80,000 na shekara 20 tare da garatuti kuwa ya kai miliyan 22.8 idan ana so ya riƙe darajarsa. Ko da ribar ta wuce farashi da kashi 3 a shekarun aiki, abin da zai taru bai wuce miliyan 18 da 'yan kai ba. Wannan giɓi ba ya ɓacewa. Ko gwamnati ta cike shi a fili, ko a bar hauhawar farashi da jinkiri su cinye shi daga aljihun tsoho a ɓoye. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa ma'aikaci an warware matsalar, alhali an mayar da giɓin ne gaba ɗaya kansa. Gwamnati tana da haraji da kason wata-wata, tana iya raba asarar shekara ɗaya a kan shekara talatin. Malami mai shekara 60 ba shi da wannan dama.

Saboda haka gyaran da ya kamata mu nema a bayyane yake. A riƙa cire kashi 25 na kowace ma'aikata da kowace ƙaramar hukuma tun daga tushe, rana ɗaya da albashi, kafin kuɗin su isa hannun mai kashewa. A ɗauko abu mai kyau na tsarin tarayya, a ajiye dukiyar asusun a hannun ma'ajin da ba ya karɓar umarni daga gidan gwamnati, a kuma haramta wa asusun ba gwamnati rance ko sayen kadarorinta. A riƙa kiran masana lissafin fansho duk shekara uku su auna abin da asusun ya mallaka da abin da ake binsa, a buga sakamakon kowa ya gani, giɓin da aka samu a sa shi a kasafi. A ɗora ruwan jinkiri ko diyya a kan garatutin da ya wuce wa'adi, domin jinkiri ya daina zama riba ga gwamnati. Wanda kuma yake son ƙarin asusu na kansa, a buɗe masa ƙofa ya ɗora a kan hakkinsa, ba a madadinsa ba.

Ina kira ga 'yan majalisar jiha masu wakiltar Gwarzo da Kabo, da shugabannin ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan ƙananan hukumomi da na 'yan fansho a yankin, da su nemi alƙaluman abin da aka cire da abin da aka zuba wata-wata, su kuma tsaya a kan waɗannan gyare-gyare. Kai kuma ma'aikaci, duk wanda ya zo maka da sabon tsari, kafin ka sa hannu ka tambaye shi: idan riba ta gaza, wa zai biya? Idan amsar ita ce kai, to ka san abin da ake neman ka karɓa.